Nazarin lamari: filin marigayi a Garwa da titir ɗin da aka ga kwafinsa kawai

Asalin maganar

Mai sayen ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Ya daɗe a gidan haya, ya tara kuɗi yana son fili ya yi gini kafin damina. A farkon Janairu wani dillali ya kai shi bayan gari, wajen Jambutu, ya nuna masa fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 30, wato murabba'in mita 600, a bakin wata hanyar ƙasa. Aka yi ciniki a kan sefa 15,000 kowace mita, jimla miliyan 9.

Filin yanki ne na wani babban fili mai murabba'in mita 2,400 da wani dattijo ya mallaka. Dattijon ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Babban ɗan ne ke sayarwa. Abin da ya fi jan hankalin mai sayen shi ne maganar da dillali ya yi ta nanatawa: wannan fili yana da titir. A Garwa wannan kalma tana da nauyi, domin filaye da yawa na bayan gari ana cinikinsu ne da takardar lawan ko jauro kawai.

A dokar Kamaru titir fonsiye shi ne shaidar mallakar ƙasa a hukumance. Tushen tsarin shi ne dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, sai dokar 27 ga Afrilu 1976 da ta tsara yadda ake samun titir, wadda aka yi wa gyara a Disamba 2005. Tun daga wannan gyaran ake bayar da titir a matakin dafatama, don haka littafin filayen Garwa yana ofishin rajistar filaye na Binuwai, wanda mutane ke kira konsabasiyo. Dokar 1974 ta kuma ce sayar da fili mai titir sai a gaban notar, wato masanin shari'a da hukuma ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, in ba haka ba cinikin bai ƙullu ba. Mai sayen bai san wannan ba a lokacin.

Janairu: kafin alƙalami

Ranar 12 ga Janairu aka haɗu a zauren gidan marigayin. Babban ɗan ya fito da kwafin titir na inji, shafi huɗu, da hatimin hukuma a kai mai nuna kwafin ya dace da na asali. Sunan mahaifinsa ne a jiki, da lambar titir, da zanen fili. Mai sayen ya tambayi na asalin, aka ce yana wurin ƙanensa a Yawunde, zai zo da shi.

Daga nan suka je wurin lawan na unguwar. Lawan ya san marigayin tun suna samari, ya tabbatar fili nasa ne, ba a taɓa kawo masa ƙara a kansa ba. Aka rubuta takardar ciniki da hannu, shaidu biyu suka sa hannu, lawan ya buga hatimi. Mai sayen ya ba da kafin alƙalami na miliyan 1 da dubu 500, saura miliyan 7 da dubu 500 zai cika a ƙarshen Fabrairu idan an kawo takardar asali.

Har zuwa nan abin da mai sayen ya bincika uku ne: ya ga kwafi mai hatimi, ya ji shaidar lawan, ya taka filin da ƙafarsa. A ganinsa bincike ya cika.

Fabrairu: ofishin notar

Ƙarshen Fabrairu ya zo ba takardar asali. Babban ɗan ya ce ƙanensa ya yi tafiya, a cika masa kuɗin, takarda za ta biyo baya. Wani abokin kasuwancin mai sayen, wanda ya taɓa ƙonewa a cinikin fili a Marwa, ya hana shi, ya ce su fara zuwa wurin notar.

Notar ɗin ta karɓi kwafin ta juya zuwa shafukan baya, inda ake rubuta duk abin da ya hau kan fili bayan an yi masa titir. Wurin fari fat. Sai ta nuna masa ranar da ke jikin hatimin: shekara shida da suka wuce.

"Alhaji, wannan hatimin cewa ya yi kwafin ya yi daidai da takardar da aka kai musu a ranar. Bai ce komai a kan abin da ya faru da filin daga ranar zuwa yau ba."

"To Metir, ai lawan ya shaida."

"Lawan ya shaida abin da ya sani. Ba a wurinsa ake rubuta jingina ba."

Ta yi masa bayanin da ya kamata duk mai sayen fili ya fara da shi. Titir na ainihi ba ya barin ofis. Shafi ne a cikin babban littafin filaye da ke konsabasiyo. Abin da ake ba mai fili ya kai gida, wanda mutane ke kira na asali, shi ma kwafin hukuma ne, ana ce masa dubulikata. Idan mai fili ya jinginar da filinsa, ana rubuta jinginar a littafin, kuma bisa al'ada mai ba da bashin yakan riƙe dubulikatar har a biya shi. Saboda haka idan mai sayarwa ya kasa fito da ita, yana ta kawo uzuri, tambayar farko ita ce a hannun wa take.

Ta kuma gaya masa cewa takardar da aka rubuta a gaban lawan ba ta mayar da ko taƙi ɗaya na filin zuwa sunansa ba. Amfaninta guda: shaida ce cewa babban ɗan ya karɓi kuɗinsa.

Maris: abin da littafi ya nuna

Ranar 4 ga Maris mai sayen ya shigar da takardar neman shaidar mallaka a konsabasiyo, da lambar titir ɗin da ke jikin kwafin, ya biya kuɗin hukuma ya karɓi rasit. Ba sai mai fili ne kaɗai ke iya neman wannan takarda ba. Notar ta dage a kan ya je da kansa ko magatakardanta ya je, kada a karɓi wadda mai sayarwa ko dillali ya kawo, domin wanda ya iya gyara kwafin titir zai iya gyara wannan ma. Bayan kwana tara takardar ta fito.

Ta tabbatar da abu biyu masu daɗi: titir ɗin na gaske ne, kuma girman filin murabba'in mita 2,400 ne kamar yadda kwafin ya nuna. Sai biyu marasa daɗi.

Na farko, har yanzu sunan marigayin ne a littafi. Ba a mayar da filin zuwa sunan magada ba. Babban ɗa, duk da shi ne ke riƙe da gida, a idon doka mutum ɗaya ne cikin shida da suka yi tarayya a filin da ba a raba ba. Ba shi da ikon yankar wani ɓangare ya sayar shi kaɗai.

Na biyu, akwai jingina a kan filin. Shekara huɗu da suka wuce marigayin ya karɓi bashin miliyan 5 daga wani ƙaramin banki don cinikin masara, ya ba da filin jingina, aka rubuta a littafi. Dubulikatar tana cikin akwatin bankin a nan Garwa, ba ta taɓa zuwa Yawunde ba.

A nan ne mai sayen ya yi gardama mafi tsawo. Ya ce bashi na marigayi ne, magadansa su biya, shi mita 600 kawai ya saya cikin 2,400, ai sauran sun ishi banki. Notar ta ce dokar jingina ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokokin kasuwanci iri ɗaya wadda Kamaru ke ciki, ba haka ta tsara ba. Jingina tana bin fili ne duk hannun da ya shiga, kuma ba ta rabuwa: kowane ɓangare na filin yana ɗauke da bashin gaba ɗaya har sai mai bashin ya sake shi a rubuce. Da ya cika kuɗin ya yi gini, bankin yana da ikon neman kotu ta sayar da filin, gininsa na tsaye a kai.

Notar ta rubuta wa bankin ta hannun magada tana neman lissafin abin da ya rage. Amsa ta zo a rubuce: miliyan 3 da dubu 200, har da kuɗin jinkiri tun rasuwar dattijon.

Afrilu: awon fili

Takardar konsabasiyo tana faɗin na wane ne filin da abin da ke kansa. Ba ta faɗin ko wurin da dillali ya nuna maka da yatsa shi ne filin da ke cikin titir ɗin. Wannan aikin jiyometir ne, wato mai awon filaye. Titir na gaske a kan fili na daban tsohuwar dabara ce, kuma ba a gane ta daga cikin ofis.

A makon farko na Afrilu, cikin zafin nan na Garwa da ba ya barin mutum ya tsaya a fili bayan hantsi, jiyometir ya fito da zanen filin daga ofishin kadastir, inda ake ajiye zanen filaye, ya je neman born, turakun simintin da aka kafa lokacin da aka yi titir. Ya sami huɗu cikin shida. Biyun da ke bakin hanya babu su, a madadinsu an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Da ya auna daga born ɗin da suka rage, sai iyakar ta faɗo mita 4 a bayan duwatsun. Wannan tsiri mai mita 4 a tsawon mita 30, wato murabba'in mita 120, yana cikin wurin da aka bar wa hanya. Takardar tsarin gari da aka karɓo daga ofishin magajin gari ta tabbatar da haka.

Babu wanda ya iya cewa ga wanda ya jera duwatsun. Mai yiwuwa ma ba da mugun nufi ba ne, domin hanyar ƙasa takan karkace da shekaru, masu noma a gefenta su bi ta. Ko ma dai yaya, filin da za a iya sayarwa mita 16 ne a 30, murabba'in mita 480.

A ranar awon aka samu wani abu da ba a nema ba. Wata tsohuwa maƙwabciya ta fito tana kallo, ta tambayi mai sayen ko 'yar marigayin da ke aure a Kuseri ta san ana sayar da filin. Ashe 'yar ba ta sani ba.

Abin da aka gwada bai yi ba

Da farko mai sayen ya so ya janye. Ya nemi babban ɗan ya mayar masa da kafin alƙalaminsa, sai ya tarar an kashe kuɗin a gyaran mota da hidimar gida. Aka koma wurin lawan, aka yi zama biyu. Lawan ya yi faɗa, babban ɗan ya yi alkawarin biya kaɗan-kaɗan, wata ya wuce ba a ga ko dala ba.

Dillali ya kawo tasa shawarar. Ya ce a bayyana cewa dubulikatar ta ɓata, a nemi kotu ta ba da izinin fitar da ta biyu, a yi ciniki da ita. Notar ta ƙi ko sauraron ƙarshen maganar. Ban da cewa rantsuwa ce a kan ƙarya, ba za ta yi amfani ba: ta biyun daga littafi za a kwafo ta, jinginar kuwa tana cikin littafin.

Babban ɗan kuma ya ce a ba shi miliyan 3 da dubu 200 a hannu ya je ya biya bankin da kansa. Mai sayen, wanda ya riga ya ga inda kuɗin farko suka shiga, bai amsa ba.

Mayu zuwa Satumba: hanyar da ta ɓulle

Damina ta sauka, maganar gini a wannan shekara ta wuce. Da gaggawar ta kau, sai mai sayen ya yarda a bi tsarin da notar ta shimfiɗa, mataki bayan mataki, kuma ba za a saki ko sisi ba sai abin da ke gabansa ya tabbata a takarda.

Aka fara da magada. Mai sayen ya je ya gaida Hajiya, matar marigayin, tare da limamin unguwa, aka faɗa mata komai a buɗe. Ba ta san da jinginar ba, ba ta kuma san an karɓi kafin alƙalami ba. Ita ce ta kira taron iyali. 'Yar da ke Kuseri ta yi magana ta waya, ta ce wa babban ɗan: "Yaya, ba sayarwar na ƙi ba. Rashin gaya mini ne ya yi mini ciwo." Aka rubuta abin da taron ya yanke, aka kai kotu, kotu ta fitar da hukuncin tantance magada mai ɗauke da sunayen mutum shida. Aka jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, aka karɓi shaidar cewa babu wanda ya ɗaukaka. Wannan kaɗai ya ci kusan wata uku. Ita ta Kuseri ba ta samu zuwa ba, sai ta yi takardar wakilci a gaban notar na can, aka rubuta lambar titir da girman yankin da ta yarda a sayar.

Aka sake lissafin kuɗi a kan murabba'in mita 480. A sefa 15,000 ya kama miliyan 7 da dubu 200. Aka cire kafin alƙalami, saura miliyan 5 da dubu 700. Mai sayen ya zuba su a asusun ofishin notar, ba a hannun kowa daga cikin magadan ba. Daga ciki notar ta biya bankin miliyan 3 da dubu 200 kai tsaye, bayan bankin ya yi alkawari a rubuce cewa wannan adadin ya rufe bashin. Bankin ya sa hannu a takardar sakin jingina ya miƙa dubulikatar.

A nan mai sayen ya ɗauka an gama. Notar ta ce saura: takardar sakin jingina a aljihu ba ta goge komai ba, sai an kai ta konsabasiyo an soke jinginar a littafi. Aka kai, aka kuma mayar da titir ɗin zuwa sunan magada shida. Ranar 18 ga Satumba notar ta karɓo sabuwar shaidar mallaka, domin ta Maris ta faɗi halin filin ne a Maris. Cikin wata shida wani mai bin bashi zai iya sa kotu ta ɗora wa filin alamar rikici a littafi, ko a rubuta wata jinginar. Sabuwar ta fito da sunaye shida, babu jingina, babu alamar ƙara. Bayan kwana biyu aka sa hannu a takardar sayarwa a ofishin notar, mutum biyar da kansu, ta shida ta hannun wakilinta.

Rabon kuɗin ya zo da nasa ɗan rikicin. Bayan biyan bashi, abin da ya rage na gado daga wannan ciniki miliyan 4 ne. Iyalin sun zaɓi rabon Musulunci: tumunin Hajiya dubu 500, kowane namiji miliyan 1, kowace mace dubu 500. Babban ɗan ya riga ya ci miliyan 1 da dubu 500, ya zarce rabonsa da dubu 500, kuɗin da ke hannun notar kuwa miliyan 2 da dubu 500 ne, alhali sauran biyar suna da miliyan 3. Aka rubuta cewa za a cire giɓin daga kasonsa a sauran filin. Wannan ba matsalar mai saye ba ce a doka, amma da ba a warware ta ba, da ƙanen bai sa hannu ba.

Nuwamba: sakamako

Jiyometir ya kafa sababbin born huɗu, aka yanke yankin daga babban titir, aka buɗe masa nasa shafin a littafi. A ƙarshen Nuwamba mai sayen ya karɓi dubulikata da sunansa a kan murabba'in mita 480. Ban da kuɗin filin ya biya kuɗin notar, harajin rajista, awo da takardun ofis, waɗanda notar ta lissafa masa a rubuce tun a Mayu. Daga ranar kafin alƙalami zuwa ranar karɓar titir wata goma ne da rabi.

Hukunci a kan lamarin

Kuskuren da ya fi tsada an yi shi ne ranar 12 ga Janairu. Binciken konsabasiyo ya ɗauki kwana tara, kuma da an yi shi kafin a ba da kuɗi, da mai sayen ya san da jinginar da maganar magada alhali yana da 'yancin juya baya. Miliyan 1 da dubu 500 da ya bayar su suka ɗaure shi. A ganina sa'a ya yi da kuɗin filin suka fi bashin yawa. Da bankin na bin miliyan 8, babu yadda cinikin zai rufe bashin, kuma abin da zai rage masa shi ne bin babban ɗan a kotu da takardar hannu.

Ban ga laifin lawan ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa shaidarsa ba ta da amfani. Shi da maƙwabta sun san abin da littafi bai sani ba: wa ke noma filin, wa aka taɓa yi wa alkawarinsa, wace 'ya ce ba a gaya wa ba. Tsohuwar da ta ambaci Kuseri ta yi aikin da babu ofishin da zai yi. Kuskuren shi ne an tambayi lawan abin da ba a wurinsa amsar take ba.

Abin da ya sa hanyar ƙarshe ta yi aiki shi ne kuɗin sun zauna a hannun wanda ba mai saye ba ne ba kuma mai sayarwa ba, kuma kowane kaso ya fita ne a madadin wata takarda takamaimiya: na banki a madadin sakin jingina, na magada a madadin sa hannu shida.

Akwai iyakar da ko wannan binciken bai tsallake ba. Doka ta ce titir ba a ja da shi, amma ta bar wa ministan filaye ikon janye wanda aka samu ta hanyar zamba ko kuskuren hukuma, kuma shaidar mallaka ba ta faɗin yadda aka samo titir tun farko. Shi ya sa notar ta sa jiyometir ya duba a kadastir ko zanen filin ya hau kan wani titir ko filin gwamnati. A wannan karon bai hau ba, titir ɗin kuma ya haura shekara ashirin ba wanda ya yi ƙara a kansa. Da sabo ne, wanda aka fitar shekara ɗaya ko biyu kafin ciniki, da ta nemi a buɗe fayil ɗin asali a ga takardar kafa born da sunayen maƙwabtan da suka halarta.

Mai sayen ya fara zuba tubali a Disamba. Zanen gidan da ya yi tun Janairu na mita 20 ne, sai da aka rage ɗaki ɗaya da rabin tsakar gida kafin ya shiga mita 16.